Hayar Sito na Shekara Biyar a IFRS 16: Yadda Ake Fitar da Bashin Haya da Kadarar Haƙƙin Amfani a Ranar Farko

Ranar da mai sito ya miƙa maka makulli, lambobi biyu za su shiga littafin kamfani. Ɗaya bashi ne, ɗaya kadara. Masu koyon aikin akanta da yawa suna ɗauka lambobin nan biyu daidai suke da juna. A ƙasar da ake biyan haya a ƙarshen wata suna iya yin kusa, amma a Najeriya, inda mai gida ba ya sakin makulli sai ya ga kuɗin shekara ɗaya ko biyu a hannu, da wuya su haɗu. Bashin haya yana ɗauke da abin da ba a biya ba tukuna kawai. Kadarar kuwa tana ɗauke da wannan bashin, da abin da aka riga aka biya, da sauran ɗawainiyar da aka yi kafin a samu wurin. Yawancin kurakuran da odita ke kamawa a wannan aiki daga cakuɗa waɗannan biyun suke fitowa.

Ƙa'idar da muke bi ita ce IFRS 16, wadda hukumar IASB mai tsara ƙa'idojin akanta na duniya ta fitar a watan Janairun 2016, ta fara aiki daga 1 ga Janairun 2019, ta maye gurbin IAS 17. A da, ɗan haya yana rubuta kuɗin hayar gini a cikin kashe-kashen shekara ya wuce. Yanzu kusan kowace haya sai ta bayyana a takardar kadarori da basussuka. Sakin layi na 23 zuwa 28 na ƙa'idar su ne suka yi bayanin awon ranar farko, kuma su za mu bi da misali guda daga farko har ƙarshe.

Yarjejeniyar da za mu yi aiki da ita

Misalin ƙirƙira ne, amma irin wanda ake gani kullum. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya karɓi hayar sito a Sharaɗa, Kano. An ba shi makulli ranar 1 ga Janairun 2025, kuma shekararsa ta lissafi tana ƙarewa 31 ga Disamba. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne haya ta shekara biyar wadda babu mai ikon sokewa, tare da damar ƙarin shekara uku a kan farashin kasuwa na lokacin. Kuɗin haya Naira miliyan 12 ne a shekara har shekara uku, sannan miliyan 15 a shekara biyun ƙarshe, ana biya ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Akwai kuma miliyan 1.5 duk shekara na masu gadi da kwashe shara.

Bayan wannan, kamfanin ya biya dillali la'adar miliyan 1.2, ya biya lauya Naira 600,000 da sharaɗin sai an sa hannu, mai sito kuma ya ba shi miliyan 1 a matsayin taimakon kwaso kaya daga tsohon wurin. Kafin a miƙa makulli mai sito ya gina bangon da ya raba siton gida biyu bisa roƙon kamfanin, da sharaɗin kamfanin zai rushe shi ya mai da wurin yadda yake idan zai tashi. Injiniya ya ƙiyasta aikin zai ci miliyan 3 a ƙarshen 2029.

Mataki na farko: shin hayar ta shiga ƙa'idar, kuma shekara nawa ce?

Nan ba za mu daɗe ba. Wurin sananne ne, kamfanin shi kaɗai ke amfani da shi, shi ke yanke abin da za a ajiye da lokacin da za a buɗe. Haya ce. Sassauci biyu ƙa'idar ta bayar: hayar da ba ta wuce wata 12 ba kuma babu zaɓin saye a cikinta, da hayar ƙananan kaya irin su kwamfuta ko kujerun ofis. Sito na shekara biyar bai faɗa ko ɗaya ba.

A kula da rana. Ranar da ake awo ita ce ranar da mai sito ya sakar maka wurin ka fara amfani da shi. Idan an sa hannu a watan Oktoba amma makulli bai zo ba sai Janairu, Janairu ne ranar farko. Duk kuɗin da ka biya tsakanin nan da can yana zaune a matsayin biyan gaba har ranar ta zo.

Tsawon haya shi ne lokacin da ba a iya sokewa, a haɗa da lokacin ƙari idan akwai tabbaci mai ƙarfi cewa ɗan haya zai yi amfani da damar. Ba a dogara da abin da manajan darakta ya ce yana ji a ransa. Ana duba abin da zai tilasta masa zama: ko farashin ƙarin ya fi na kasuwa sauƙi, ko ya zuba kuɗi mai yawa a ginin, ko samun wani wuri irinsa zai yi wuya. A misalinmu ƙarin a farashin kasuwa yake, sito kuma ba ya wuyar samu a Sharaɗa da Bompai, saboda haka shekara biyar muka ɗauka.

Mataki na biyu: tace kuɗaɗen da za su shiga bashi

Ka ɗauki takardar haya da biro, ka bi kowane kuɗi da aka ambata ka tambayi abu biyu. Shin kuɗin amfani da wurin ne? Shin an riga an biya shi?

Ƙa'idar ta lissafa abin da ke shiga: kuɗin haya tsayayye, a cire duk wani ihisani da mai wuri ya yi alkawari bai bayar ba tukuna, kuɗin da ke canzawa bisa wani ma'auni kamar hauhawar farashi, wanda ake aunawa da matsayin ma'aunin a ranar farko, abin da ake sa ran biya idan ɗan haya ya lamunce darajar kayan a ƙarshe, farashin saye idan akwai tabbaci mai ƙarfi za a saya, da tarar soke haya idan tsawon da aka ɗauka ya nuna za a soke.

Ƙarin da ya kai haya miliyan 15 a 2028 tsayayye ne, domin an rubuta adadinsa tun yau, don haka yana shiga. Da takardar ta ce za a ƙara haya gwargwadon hauhawar farashi, da miliyan 12 za mu sa a duk shekarun, mu jira sai ƙarin ya tabbata sannan mu sake awo. Ba a hasashen hauhawar. Da kuma ta ce mai sito zai karɓi kashi 2 cikin ɗari na cinikin shekara, wannan ba ya shiga bashi ko kaɗan, kashe-kashen shekarar da aka yi cinikin ne.

Miliyan 1.5 na gadi da shara kuɗin hidima ne, mun ware shi. Ƙa'idar ta yarda kamfani ya zaɓi haɗa hidima da haya ya ɗauke su abu ɗaya, amma zaɓin yana hawa kan dukkan kadarori masu irin wannan aji, kuma yana kumbura bashi. Ni ban cika ba da shawarar haka ba in dai takardar ta raba kuɗin a fili kuma rabon ya yi daidai da abin da kowanne zai ci shi kaɗai a kasuwa.

Abubuwa biyu na gida da ke rikita mutane. Harajin da ake cirewa daga kuɗin haya a miƙa wa hukuma a madadin mai gida ba ya rage bashin: idan haya miliyan 12 ce, miliyan 12 za ka sa, ko da wani kaso ya tafi asusun hukumar haraji. Kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna, wanda za a dawo maka da shi, kuɗinka ne a hannun wani, kuma IFRS 9, ƙa'idar kadarorin kuɗi, ce ke kula da shi.

Sai tambaya ta biyu. Miliyan 12 na 2025 an biya su ranar da aka karɓi makulli. Abin da aka biya ba bashi ba ne. Saura biya huɗu: miliyan 12 a Janairun 2026, miliyan 12 a 2027, miliyan 15 a 2028, miliyan 15 a 2029. Jimilla miliyan 54.

Mataki na uku: kason ruwan da za a rage da shi

Miliyan 15 da za ka biya nan da shekara huɗu ba ta kai nauyin miliyan 15 ta yau ba, don haka sai an mai da kowane biya zuwa ƙimarsa ta yau. Ƙa'idar ta ce a fara neman kason ruwan da ke ƙunshe a cikin hayar kanta. Samun sa yana bukatar ka san darajar ginin yau, da darajar da mai shi ke sa ran zai yi a ƙarshen haya, da ɗawainiyar da ya yi wajen ƙulla hayar. Mai sito ba zai buɗe maka littafinsa ba. Shi ya sa a hayar gini kusan kowa ke komawa ga zaɓi na biyu: kason da kamfanin zai biya da a ce ya je ya ranci kuɗin da zai samu kadara mai irin wannan daraja, na irin wannan tsawon lokaci, da irin wannan jingina, a irin wannan yanayin tattalin arziki.

Kowace kalma a nan tana da aiki. Kason da banki ke cajin ka a kan bashin wata uku ba na shekara biyar ba ne. Kason rancen Dala ba ya aiki a hayar Naira. Kason uwar kamfani da ke ƙasar waje ba na reshen Kano ba ne. Hanyar da aka saba ita ce a fara da ribar takardun lamunin gwamnatin tarayya masu irin wannan wa'adi, a ɗora ƙarin da ya dace da ƙarfin kamfanin, a rage kaɗan saboda jingina, sannan a gwada sakamakon da takardar tayin rance daga bankin kamfanin. A ajiye duk wannan a fayil, domin shi odita zai fara tambaya.

Na ɗauki kashi 20 cikin ɗari don lissafin ya biyu da kalkuleta. A zahiri, a ƙarshen 2024 kason Babban Bankin Najeriya kansa yana kan 27.5, saboda haka kamfani na gaske a wannan ranar zai samu lamba sama da tawa. Zaɓin ba ƙaramin abu ba ne. Da kashi 15 bashin misalinmu zai kai wajen miliyan 37.9, da kashi 20 kuma miliyan 34.2. Tazarar miliyan 3.7 ke nan daga lamba guda, kuma yawan kason yana rage bashin da ake nunawa, abin da ya sa wasu ke son su ja shi sama.

Wani zai ce, ina ruwan haya da kuɗin ruwa, alhali ba mu ranci ko sisi ba? Gaskiya ne. Bayan biyan ranar farko, mai sito miliyan 54 zai karɓa, ba ƙari ba ragi. Abin da lissafin ke yi shi ne raba wannan adadin gida biyu a littafi, wani ɓangare a kira shi uwar bashi, wani a kira shi kuɗin jinkirin biya. Babu ƙarin kobo da ke fita daga aljihu.

Mataki na huɗu: ƙimar yau

Dabarar ita ce a raba kowane biya da 1.20 sau adadin shekarun da suka rage kafin a biya shi.

```
PV = P / (1 + r)^n
```

| Ranar biya | Adadi (₦) | n | Abin rabawa | Ƙimar yau (₦) |
|---|---|---|---|---|
| 1/1/2026 | 12,000,000 | 1 | 1.2000 | 10,000,000 |
| 1/1/2027 | 12,000,000 | 2 | 1.4400 | 8,333,333 |
| 1/1/2028 | 15,000,000 | 3 | 1.7280 | 8,680,556 |
| 1/1/2029 | 15,000,000 | 4 | 2.0736 | 7,233,796 |
| Jimilla | 54,000,000 | | | 34,247,685 |

Bashin haya a ranar 1 ga Janairun 2025 shi ne ₦34,247,685. A Excel, idan biya huɗun suna B3 zuwa B6:

```
=NPV(20%,B3:B6)
```

A nan tarkon yake. NPV tana ɗauka cewa lambar farko da ka ba ta za a biya ta ne bayan shekara guda cur. Idan ka ja linzami ka haɗa da B2, wato miliyan 12 na ranar farko, za ta ba ka ₦38,539,738. Lambar tana da kamar gaskiya, ba ta yi yawa ba ba ta yi kaɗan ba, shi ya sa take wucewa ba a lura ba. Amma kuskure biyu ne a cikinta: ta sa kuɗin da aka riga aka biya, sannan ta tura kowane biya gaba da shekara ɗaya kamar ana biya a ƙarshen shekara.

Idan ranakun biya ba su tafi a jere ba, XNPV ta fi dacewa domin tana aiki da ranaku. Ita kuma tana lissafi da kwana 365, don haka shekarar 2028 mai kwana 366 za ta sa ta bambanta da teburin nan da ɗan kaɗan. Wanda ke biyan haya wata-wata kuma ya kula: kashi 20 na shekara ba 1.667 ba ne a wata idan kason na ainihin shekara ne.

```
=(1+20%)^(1/12)-1
```

Wannan zai ba da kusan 1.531 cikin ɗari.

Mataki na biyar: gina kadarar a kan bashin

Ana fara kadarar haƙƙin amfani da adadin bashin, sannan a ɗora abubuwa uku a cire ɗaya.

Na farko shi ne hayar da aka biya a ranar farko ko kafin ta, miliyan 12. Ta fita daga bashi amma ba ta ɓace ba, nan ne gidanta. Idan a littafinka tana zaune a asusun biyan gaba, sai a kwashe ta daga can, kada ta zauna wuri biyu.

Na biyu shi ne ɗawainiyar ƙulla hayar. Ma'aunin guda ne: da ba a samu hayar ba, da za a biya wannan kuɗin? La'adar dillali ba a biyan ta sai ciniki ya faɗa, ta shiga. Kuɗin lauyanmu an ɗaure shi da sa hannu, shi ma ya shiga. Jimillarsu miliyan 1.8. Amma da lauyan ya caji kuɗin binciken takardun fili wanda za a biya ko an daidaita ko ba a daidaita ba, wannan kashe-kashe ne. Haka kuɗin man da manaja ya ƙona yana zagaya situna, haka albashin ma'aikacin da ya yi wata biyu yana ciniki.

Abin da ake cirewa shi ne miliyan 1 da mai sito ya bayar. Tunda ta riga ta shigo hannu, daga kadara ake rage ta. Da alkawari ne za a bayar baɗi, da daga biyan baɗin za mu rage ta a teburin da ke sama, bashin ya ragu. Ko ta wace hanya, ba a rubuta ta a matsayin kuɗin shiga na shekara.

Na ƙarshe shi ne kuɗin mai da wurin yadda yake. Wannan tanadi ne a ƙarƙashin IAS 37, yana da asusunsa dabam da bashin haya, kuma kasonsa na ragi ba dole ya zama na hayar ba, domin ana duba darajar lokaci da haɗarin da ya keɓanta da wannan nauyin. Mu ɗauki kashi 15. Miliyan 3 a raba da 1.15 sau biyar, wato 2.01136, ya ba da ₦1,491,530. Na sa bangon ya zama mai sito ne ya gina kafin ranar farko da gangan. Da kamfanin ne ya shiga daga baya ya yi nasa ginin, nauyin rushewa zai taso ne lokacin da aka yi ginin, kuma a kan kuɗin wannan ginin za a ɗora shi.

| Abin da ya shiga | ₦ |
|---|---|
| Bashin haya | 34,247,685 |
| Hayar 2025 da aka biya | 12,000,000 |
| La'ada da kuɗin lauya | 1,800,000 |
| A cire taimakon mai sito | (1,000,000) |
| Tanadin gyaran ƙarshe | 1,491,530 |
| Kadarar haƙƙin amfani | 48,539,215 |

Kuɗin da ya fita daga banki a zahiri shi ne miliyan 12 da miliyan 1.8, a cire miliyan 1 da ta shigo, saura miliyan 12.8. Shigarwar ranar farko ke nan:

```
Dr  Kadarar haƙƙin amfani    48,539,215
    Cr  Bashin haya              34,247,685
    Cr  Banki                    12,800,000
    Cr  Tanadin gyaran ƙarshe     1,491,530
```

Kadara ta ɗara bashi da sama da miliyan 14, kuma kowace Naira ta wannan tazarar kana iya nuna takardarta.

Mataki na shida: jadawalin biya

Jadawalin yana nuna yadda bashin zai tafi har ya ƙare, shi ne kuma gwajin da ke tona ko lissafin baya daidai ne. Tunda a farkon shekara ake biya, tsarin ginshiƙan shi ne a cire biya tukuna, sannan a lissafa ruwa a kan abin da ya saura. A hayar da ake biya a ƙarshen shekara akasin haka ake yi.

| Shekara | Farkon shekara | Biya | Saura | Ruwa 20% | Ƙarshen shekara |
|---|---|---|---|---|---|
| 2025 | 34,247,685 | 0 | 34,247,685 | 6,849,537 | 41,097,222 |
| 2026 | 41,097,222 | 12,000,000 | 29,097,222 | 5,819,444 | 34,916,667 |
| 2027 | 34,916,667 | 12,000,000 | 22,916,667 | 4,583,333 | 27,500,000 |
| 2028 | 27,500,000 | 15,000,000 | 12,500,000 | 2,500,000 | 15,000,000 |
| 2029 | 15,000,000 | 15,000,000 | 0 | 0 | 0 |

Layin 2025 yana da sifili a wajen biya saboda hayar shekarar ba ta taɓa shiga bashin ba. Naira ɗaya da ta bambanta a layin 2026 kobo ne da aka dunƙule.

Idan ka sa shekarar 2025 a layi na 2, da ginshiƙai daga A zuwa F, dabarun su ne:

```
D2: =B2-C2
E2: =D2*20%
F2: =D2+E2
B3: =F2
```

Gwaji biyu za ka yi. Dole layin ƙarshe ya sauka a sifili. In bai sauka ba, kada ka cusa wata lamba ka daidaita shi, koma baya: ko lokacin biya ne ka juya, ko kason da ke jadawali ya bambanta da wanda ka yi ƙimar yau da shi, ko ka tsallake wani biya. Gwaji na biyu, jimillar ruwa dole ta zama miliyan 54 a cire 34,247,685, wato 19,752,315. Amma ka sani sifilin ƙarshe yana tabbatar da lissafi ne kawai. Wanda ya sa miliyan 12 na farko a cikin bashi ya fara da 46,247,685, ya cire ta a layin farko, shi ma jadawalinsa zai ƙare a sifili. Ɓarnar tana fitowa ne idan ya zo gina kadara ya sake ɗora miliyan 12 ɗin a matsayin biyan gaba, kadarar ta kumbura da wannan adadin. Hanyar kama shi ita ce a gwada shigarwar ranar farko da takardar banki.

Mai kamfani zai ga bashin ya tashi daga miliyan 34 zuwa miliyan 41 a shekarar farko ya tambaye ka ko an sake cin wani bashi. Amsar ita ce ba a biya komai tsakanin 2 ga Janairu da 31 ga Disamba ba, ruwa ya taru, washegari kuma miliyan 12 za ta fita ya dawo miliyan 29. A takardar 31 ga Disamban 2025 ana raba ₦41,097,222 gida biyu. Hanyar da aka fi bi ita ce miliyan 12 da za a biya cikin wata 12 masu zuwa ta zama bashin kusa, ₦29,097,222 ya zama na nesa. A cikin miliyan 12 ɗin, ₦6,849,537 ruwan da ya taru ne, ₦5,150,463 ne ya taɓa uwar bashi.

Abin da shekarar farko za ta nuna

Ginin ba zai zama na kamfanin ba a ƙarshe, don haka ana rage darajar kadarar a kan wanda ya fi gajarta tsakanin tsawon haya da tsawon amfaninta, a nan shekara biyar. ₦48,539,215 a raba biyar ya ba da ₦9,707,843 duk shekara. A 2025 za a caji ragin daraja 9,707,843, da ruwan haya 6,849,537, da ƙarin 223,730 a kan tanadin gyara, jimilla ₦16,781,110, ban da miliyan 1.5 na gadi da shara. Hayar da aka biya a shekarar miliyan 12 ce. A 2029 kuwa, inda za a biya miliyan 15, babu ruwan haya ko kaɗan, cajin zai tsaya kusa da miliyan 10.1. Nauyin yana gaba ne, kuma gara a gaya wa masu kamfani tun kafin su ga ribar shekarar farko ta yi ƙasa da abin da suka tsara. Idan akwai rancen banki mai sharaɗin kada bashi ya wuce wani kaso na jari, a duba shi tun kafin a sa hannu a haya.

Idan mai sito ya ce sai kuɗin shekara biyu

Wannan shi ne ruwan dare a garuruwanmu. A ce an biya miliyan 24 ranar farko, na 2025 da 2026. Biyan Janairun 2026 ya fita daga teburin ƙimar yau da miliyan 10 ɗinsa, bashin ya koma ₦24,247,685. Sauran biya ukun suna riƙe da n ɗinsu na 2 da 3 da 4. A Excel sai ka bar sifili a gurbin 2026, ka rubuta shi da hannu, domin NPV tana tsallake gurbin da ba komai a ciki ta jawo sauran biyan baya da shekara ɗaya. Kadarar kuma za ta ƙaru da miliyan 2, saboda an biya miliyan 12 cif a madadin abin da ƙimarsa ta yau miliyan 10 ce. Wannan miliyan 2 ita ce ainihin abin da biyan gaba ya ci wa kamfanin, kuma lamba ce da za ka iya zama da ita a teburin ciniki ka nemi ragi.

Idan kuma hayar gaba ɗaya shekara biyu ce aka biya ta tas a ranar farko, babu bashi, kadara kaɗai za a rubuta a riƙa rage darajarta. Sai dai kafin ka rufe fayil ɗin ka koma mataki na farko. Idan takardar ta ba ɗan haya ikon sabuntawa, kuma ya zuba kuɗin da ba zai tashi ya bari bayan shekara biyu ba, tsawon hayar ya wuce biyu, kuma kuɗin shekarun sabuntawar bashi ne tun daga ranar da aka karɓi makulli.